Lawal da Mannir: shekara ashirin a kasuwar hannun jari, ɗaya da haƙuri ɗaya da bin "an ce"

"Malam, ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a Daura, ina iya ware naira dubu goma a wata. Abokina kullum sai ya turo min sunan kamfani ya ce in saya zai tashi, kuma sau biyu maganarsa ta zama gaskiya. Yayana kuwa cewa yake in sayi manyan kamfanoni in manta da su. Idan mutum biyu suka bi hanyoyin nan biyu shekara da shekaru, wa zai fi samu?"

Ɗan'uwa, bari in ba ka labarin abokai biyu a Katsina, daga ƙarshen 2004 zuwa ƙarshen 2024. Sunayensu na aro ne, ni na tsara su don misali, amma kasuwar da suka shiga da shekarun da alƙaluman ma'aunin kasuwar duk na gaske ne. Malam Lawal malamin sakandare ne, Mannir kuma yana da shagon yadi a babbar kasuwa. Kowannensu yana ware naira dubu ɗari a shekara, wato miliyan biyu ke nan a shekara ashirin. Na bar kuɗin a haka ba ƙari don lissafin ya fito fili.

Malam Lawal duk ƙarshen shekara yake tura kuɗinsa ga dillali, a raba masa a kan manyan kamfanoni shida ko bakwai masu sana'a daban-daban, irin su masu siminti da abinci da fulawa da man fetur. Don auna abin da ya samu zan yi amfani da ma'aunin kasuwar baki ɗaya, wanda ake kira All-Share Index, domin kwandon manyan kamfanoni kusan tare yake tafiya da shi. A ƙarshen 2004 ma'aunin yana wajen 23,800.

Shekarun da Mannir ya fi kowa gaskiya

A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka haɗe suka koma 25, kuma kusan kowanne ya fito neman kuɗin jama'a. Wanda ya rayu a lokacin ya san yadda takardun cike hannun jari suka cika rassan bankuna, har ma'aikacin banki ya biyo ka shago da fom a hannu. Mannir yana da aboki a wani reshe, shi ke gaya masa wane banki ne zai fito da tayi, kuma abin da ya faɗa yana tabbata. Mannir ya saya a tayin farko, farashi ya ninka, ya sayar, ya shiga na gaba.

A ƙarshen 2007 ma'aunin ya kai kusan 58,000. Malam Lawal ya zuba dubu ɗari huɗu, jarinsa ya zama wajen dubu 760. Mannir da kuɗi iri ɗaya ya kai miliyan guda. Wannan wurin nake so ka tsaya a kai, saboda abokinka da maganarsa ta yi daidai sau biyu. A shekarar da kasuwa duka take hawa, kusan duk sunan da aka ba ka zai tashi, ko wanda ya ba ka ya san abin da yake faɗa ko bai sani ba. Abin da za ka tambaya shi ne: a wannan lokacin nawa kasuwar kanta ta tashi? In kamfanin da ya ce ya tashi da kashi 40 cikin ɗari, ma'aunin kasuwa kuma ya tashi da kashi 45, to shawararsa ba ta ƙara maka komai ba, ta ma rage.

A farkon 2008 aka ba Mannir shawarar da ta karya shi. Bankuna da kamfanonin dillalai suna ba da bashi don a sayi hannun jari, jarin da ka saya shi ne jingina. Ya karɓi miliyan ɗaya a kan miliyan ɗayansa, ya sayi jarin miliyan biyu, mafi yawa a banki ɗaya da ƙananan kamfanonin inshora biyu. Malam Lawal ya ce masa, "Alhaji, ko ba don ruwan da ke cikin bashin nan ba, in abin ya juya da me za ka biya?" Mannir ya ce, "Malam, mutumin da ke gaya min a ciki yake."

Ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin ya taɓa 66,371, daga nan ya fara gangarowa. Ƙarshen shekarar yana wajen 31,400, ƙarshen 2009 kuma wajen 20,800. Dubi abin da bashi ke yi. Idan farashi ya faɗi rabi, mai jarin kansa ya yi asarar rabi, kuma takardunsa na nan. Jarin Mannir na miliyan biyu ya koma miliyan ɗaya, daidai da bashin da ke kansa, wato nasa kuɗin ya ƙare gaba ɗaya, ruwan bashin kuma yana ci gaba da hawa.

Za ka ce me ya hana shi sayarwa tun abin bai yi nisa ba. Ya so ya sayar. A lokacin doka ba ta barin farashin kamfani ya faɗi fiye da kashi 5 a rana, sai ya zama kowace safiya masu sayarwa sun yi layi a ƙasan farashin ranar, mai saye babu ko ɗaya. Gobe a sake rage kashi 5, a sake yin layi. Farashin da kake gani a allo ba kuɗi ba ne sai an sami mai saye. Kamfanonin inshoran nan suka sauka har kwabo 50, wanda shi ne ƙasan da dokar kasuwa ta yarda a lokacin, suka maƙale a nan shekara da shekaru ba ciniki, sai a 2018 aka ɗage wannan iyakar. A watan Agustan 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. A Agustan 2011 aka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba, amma masu hannun jari sun tashi a tutar babu. Bankin Mannir yana cikin ukun. Kuɗin da yake warewa na shekara uku a biyan ragowar bashi suka tafi.

Abin da haƙuri ya ci wa Malam Lawal

Kada ka ɗauka shi yana cikin daɗi. A ƙarshen 2009 ya zuba dubu ɗari shida, darajar jarinsa wajen dubu 440. A ƙarshen 2011 ya zuba dubu ɗari takwas, darajarsa wajen dubu 620. Shekara bakwai yana ajiya, abin da ke takarda bai kai abin da ya fitar daga aljihu ba. A gida ana ce masa da fili ya saya a bayan gari da ya fi.

Abu biyu suka riƙe shi. Na farko, babu wanda yake binsa bashi, don haka ba wanda zai tilasta masa sayarwa a ranar da farashi ya fi lalacewa. Na biyu, da yake kuɗi iri ɗaya yake zubawa kowace shekara, shekarar da kasuwa ta faɗi ita ce ya fi samun kaya. Dubu ɗarin da ya zuba a ƙarshen 2011, ma'auni yana wajen 20,700, ta saya masa kusan ninki uku na abin da dubu ɗarin ƙarshen 2007 ta saya. Kamar mai sayen gero ne da ya ware kuɗi ɗaya duk wata: da kaka zai auni mudu da yawa, da damina kaɗan, in aka haɗa sai ka ga yawancin abin da ke rumbunsa na araha ne ba tare da ya yi wani duba ba.

Sai kuma rabon riba. Kamfanin da ke cin riba yakan raba wa masu jari wani kaso sau ɗaya ko biyu a shekara, a cire harajin kashi 10, saura ya shigo hannunka. Malam Lawal ba ya cin wannan kuɗin, yana haɗa shi da dubu ɗarin shekarar ya ƙara saye. A shekarun farko abin ba ya da yawa, dubu goma sha wani abu ne, har mutum ya raina shi. Amma jarin da aka saya da rabon bana shi ma zai kawo nasa rabon baɗi.

Mannir ya yi rantsuwa ya bar kasuwar a 2009, daidai lokacin da kaya suka fi araha. Ya dawo a ƙarshen 2013, da ya ji ma'auni ya haura 41,000, mutane sun sake fara hirar hannun jari a majalisa. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a 2014, kasuwa ta bi shi, a farkon 2016 ma'auni ya koma ƙasa da 25,000, ya sayar da asara. Wannan ba rashin sa'a ba ne, haka tsarin yake. Labari ba ya isowa majalisa sai farashi ya riga ya tashi, domin tashin ne ya haifar da labarin. Kafin ya zo kunnen mai shago a Katsina ko ma'aikaci a Daura, ya bi ta hannun mutane da yawa da suka riga suka saya, kuma abin da suke buƙata yanzu shi ne wanda zai karɓa daga hannunsu. A ƙaramin kamfanin da ba a cika cinikinsa ba, mutane kaɗan na iya tura farashi sama da gangan, su baza labari, su sauke kayansu a kan masu shigowa. In kuwa labarin da gaske daga cikin kamfani ya fito kafin a sanar da jama'a, ciniki da shi laifi ne a dokar kasuwa.

Akwai kuma ɓarnar da ba a jin zafinta. Duk saye da sayarwa akwai ladan dillali da kuɗin hukumomi da haraji, in ka haɗa shiga da fita sukan kai kusan kashi 4 cikin ɗari. A waɗancan shekarun Mannir yana juya kuɗinsa kamar sau shida a shekara. Ko da ya sayar a daidai farashin da ya saya kowane lokaci, ya rasa sama da kashi 20 na jarinsa a shekara ɗaya. Malam Lawal kuɗin shiga kawai yake biya, kusan kashi 2, sau ɗaya.

Daga nan Mannir ya bar kasuwar da ke da doka. A 2016 MMM ta yi tashe da alƙawarin kashi 30 a wata. Ya gwada da dubu hamsin aka biya shi, ya zuba dubu ɗari uku a watan Nuwamba, a Disamba aka rufe asusun kowa. Lissafi ɗaya ya isa ya tona irin wannan: kashi 30 a wata, in ana maimaitawa, zai mai da dubu ɗari ta zama sama da miliyan biyu da dubu ɗari uku a shekara guda. Babu sana'ar da ke haifar da haka, kuɗin sababbin shiga ne ake biyan tsofaffi, kuma biyan farko da ake yi maka shi ne tarkon. A ƙarshen 2021, lokacin da Bitcoin ya kusa dala 69,000, wani yaro ya buɗe masa asusu a waya ya saya masa wasu ƙananan sulallan kirifto da aka ce su ne na gaba. Bayan shekara ɗaya Bitcoin kansa ya koma wajen dala 16,000, ƙananan kuwa da yawansu ba su sake tashi ba. Dandalin zuba kuɗi na CBEX da ya rufe a Afrilun 2025 da kuɗin mutane ya nuna cewa wannan sana'ar ba ta mutu ba, suna kawai take canzawa.

Lissafin ƙarshen 2024

Ga abin da ya kamata yayanka ma ya ji. A ƙarshen 2019 ma'auni yana wajen 26,800. Malam Lawal ya zuba miliyan ɗaya da dubu ɗari shida, kuma in ka cire rabon riba, darajar jarinsa ba ta wuce miliyan ɗaya da rabi ba. Shekara goma sha biyar ke nan. Kusan duk ribar farashi a shekaru biyar na ƙarshe ta zo: ma'auni ya haura 40,000 a ƙarshen 2020, ya kai wajen 74,700 a ƙarshen 2023, ya wuce 102,000 a ƙarshen 2024. Da ya gaji ya fita a 2019, da labarin ya zama wani daban. Babu wanda ya aiko masa da sanarwa cewa shekarun samu sun zo, yana ciki ne kawai lokacin da suka zo.

Miliyan biyun da ya zuba ta zama wajen miliyan shida da rabi a farashi kaɗai. In muka ɗauka rabon riba yana ba shi kashi 4 a shekara bayan haraji, kuma yana mayarwa, zai ɗan haura miliyan goma. Mannir ya zuba miliyan biyu shi ma, abin da ya rage masa bai kai dubu ɗari biyar ba, tare da satifiket na kamfanonin da babu su. Kuma fa ya ci riba sau da yawa, wataƙila ma ya fi yawan cin riba a kan faɗuwa. Matsalar ita ce duk lokacin da ya ci sai ya ƙara yawan abin da zai zuba a na gaba, ya zama faɗuwarsa kullum a kan kuɗi mafi yawa take samunsa. Wanda ya yi asarar rabi sai ya ninka kafin ya dawo inda yake, wanda ya yi asarar duka kuwa ba abin da zai ninka.

Amma ba zan bar ka da zaton cewa Malam Lawal ya yi arziki ba. A ƙarshen 2004 dala tana wajen naira 132, dubu ɗarinsa ta farko ta kai kusan dala 750. Wannan dubu ɗarin, da tashin farashi da rabon riba, ta zama wajen dubu 940 a ƙarshen 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, wato wajen dala 600. Hauhawar farashin kaya ta kai kusan kashi 35 a Disamban 2024. Haƙurinsa ya kare shi daga halin Mannir, kuma ya fi wanda ya bar kuɗi a asusun ajiya nesa ba kusa ba, amma bai rufe duk giɓin faɗuwar naira ba. A ganina kuskurensa biyu ne: ya bar abin da yake zubawa a dubu ɗari alhali albashi ya ƙaru sau da yawa, kuma ya tara komai a wuri ɗaya. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 18 a 2011 zuwa dubu 30 a 2019, zuwa dubu 70 a 2024. Ka ɗaure ajiyarka da kaso na albashi, in ya ƙaru ta ƙaru.

Maganar "saya ka manta" ita ma tana da gyara. Wanda ya sayi banki ɗaya a 2007 ya manta, ya yi haƙuri iya haƙuri, kuma ya rasa komai in bankin na cikin waɗanda aka karɓe. Manyan kamfanoni ma suna tuntuɓe, Nestle Nigeria da MTN Nigeria duk sun bayyana asara a 2023 saboda faɗuwar naira. Abin da ya ceci Malam Lawal shi ne rarrabawa, da duba rahoton kowane kamfani sau ɗaya a shekara: yana cin riba, yana raba ta, bashin da ke kansa yana ƙaruwa ko raguwa.

Da dubu gomarka

Ka fara da dillalin da ke da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ka duba sunansa da kanka a jerin da ke shafin sec.gov.ng. Zai buɗe maka asusu a CSCS, inda ake ajiye jarin kowa da sunansa, a ba ka lambar shaidarka ta wurin, wadda ake kira CHN. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum don ya saya maka da sunansa, ko ɗan'uwanka ne. Ka cike takardar e-Dividend don rabon riba ya riƙa faɗawa asusun bankinka kai tsaye, kuma ka tabbata sunanka da jerinsa iri ɗaya ne a BVN da wajen dillali. A aikinmu abin da ya fi maƙale kuɗin mutane shi ne wannan, a rubuta Muhammad a wuri ɗaya, Mohammed a wani, sai rabon shekaru ya taru wajen rajistara, wato kamfanin da ke riƙe da jerin sunayen masu jari, ba a biya ba.

Dubu goma ba za ta rabu a kan kamfani bakwai a wata ɗaya ba. Ko dai ka tara ta wata uku ka sayi ɗaya, ka riƙa zagayawa, ko ka sayi asusun haɗaka da ke riƙe da kamfanoni da yawa a dunƙule. Ma'aunin da na yi lissafi da shi ya ƙunshi bankunan ruwa da kamfanonin giya, saboda haka wanda ke guje musu sakamakonsa zai bambanta da na labarin nan. Tun 2012 kasuwar tana da ma'aunin kamfanonin da aka tantance bisa Shari'a, Lotus Islamic Index, kuma jerinsa wuri ne mai kyau na fara dubawa. Akwai kuma Sukuk na gwamnatin tarayya, wato zuba jari bisa Shari'a da ake biyanka kuɗin haya a madadin ruwa, wanda aka fara a Satumban 2017 da naira biliyan 100, na shekara bakwai, kuɗin haya kashi 16.47 a shekara, ana shiga da dubu goma. Wani kaso a nan yana rage girgiza, ko da yake shi ma hauhawar farashi tana cin sa. Yadda za a fitar da zakkar hannun jari kuwa, ka zauna da malaminka, domin hukuncin mai riƙewa don rabon riba da na mai saye don sayarwa ba ɗaya ba ne a wajen malamai da yawa.

Kuɗin da za ka buƙata cikin shekara biyar, na haya ko makaranta ko aure, kada ya shiga kasuwar nan, domin ka ga yadda Malam Lawal ya yi shekaru a ƙasan abin da ya zuba. Idan kuma ranka ya kasa barin shawarwarin abokinka, ka ware musu kashi ɗaya cikin goma, ba da bashi ba, ka sami littafi ka riƙa rubuta kowane suna da ya turo, da ranar, da farashinsa, da inda ma'aunin kasuwa yake a ranar, har da waɗanda ba ka saya ba. Bayan wata goma sha biyu ka cire kashi 4 daga kowanne, ka gwada jimillar da abin da kasuwar ta yi a wannan lokacin, sannan ka yanke ko za ka ƙara masa kaso ko za ka rufe littafin.